Kurakuran da ake yi wajen lissafin tazarar shekaru

Na gaji da ganin mutum ya ɗebe shekara daga shekara ya miƙe, ya ce ya gama lissafi. Ina wata, ina rana?

Ɗauki misalin Sardauna. Ranar haihuwarsa da aka fi rubutawa ita ce 12 ga Yuni 1910, an kuma kashe shi a nan Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966. Mai gaggawa zai ɗebe 1910 daga 1966, ya ce shekararsa 56. A'a, 55 ne, domin Yunin 1966 bai zo ba. Duk abin da ya faru kafin ranar haihuwar mutum ta zagayo a wannan shekarar, sai a rage ɗaya daga amsar. Wannan shekara ɗayan da kuke rainawa ta taɓa jawo mini zirga-zirgar makonni: wani ya cike wa ƙanena takarda ya sa 18, alhali saura wata huɗu ya cika, aka dawo mana da ita. Don Allah ku riƙa bambanta "ya shiga 18" da "ya cika 18". Wanda ya shiga, 17 yake da ita.

Kuskure na biyu shi ke haddasa gardama a gida, wato ɗebe shekarun mata daga na miji. A ce an haifi maigida 5 ga Maris 1988, uwargida kuma 20 ga Nuwamba 1995. A Janairun 2024 yana da 35, tana da 28, tazara 7. A Yunin shekarar ya zama 36, ita tana nan a 28, tazara ta koma 8. Kowa sai ya rantse nasa ne daidai, alhali tazara ba ta motsi har abada. Ni ba na ko tambayar shekarun mutane. Ranakun haihuwa nake karɓa, in taka daga ta babba zuwa ta ƙarami. Daga 5 ga Maris 1988 zuwa 5 ga Maris 1995 shekara 7 ce cif. Daga nan zuwa 5 ga Nuwamba wata 8, sai kwana 15 zuwa 20 ga wata. Shekara 7 da wata 8 da kwana 15 ke nan, yau da gobe.

Kada kuma a haɗa ƙidayar Hijira da ta Miladiyya a lissafi ɗaya. Shekarar Hijira ta gaza da kusan kwana 11, saboda haka dattijon da ya ƙirga 66 da watan Musulunci, kusan 64 yake a takarda. A mayar da duka biyun kalanda ɗaya tukuna.

"Ya ninka ta a shekaru" magana ce ta shekara guda. Yaya mai 20 da ƙanwa mai 10, baɗi 21 ne da 11.

In ka ga 1 ga Janairu a takardar rantsuwar shekaru, tambayi gwaggo ko inna kafin ka yarda, don sau da yawa cike gurbi ne kawai. In ta ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka haife shi, 1956 ce. Tsaya a shekarar, kada ka ƙirƙiro masa wata da rana.