Hayar shago da kason ciniki: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Hayar da muka saba da ita a Zariya ba ta da wani ruɗani. Mai shago ya yanka kuɗin shekara, ka biya, a ba ka makulli, sai kuma baɗi. Amma akwai wani tsari da manyan rukunin shaguna na birane suka daɗe suna amfani da shi, wanda kuɗin haya yake tafiya da cinikin da ɗan haya ya yi. Idan kasuwa ta buɗe mai gini ya samu ƙari, idan ta tsaya ɗan haya ya samu sauƙi. A wuri irin Samaru, inda ciniki yake bin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, tsarin yana da ma'ana sosai. Duk wanda ya riƙe shago a can a shekarar 2022, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas, ya san ɗacin biyan cikakkiyar haya a kan titin da babu masu saye.

A ganina ba a kan yawan kaso ake yawan ɓatawa ba. Kaso 5 ne ko 7, wannan a zama ɗaya ake gama shi. Rigimar tana tasowa ne daga abu biyu da ake barin su a baki: mene ne ake kira ciniki, kuma da wace shaida za a tabbatar da shi.

Bari mu ɗauki shagon kayan masarufi a bakin titin Sakkwato a Samaru, mu bi lissafinsa. A ce an yi yarjejeniya a kan tsayayyar haya ta naira 1,200,000 a shekara, da kuma kashi 5 cikin 100 na ciniki. Kuskuren farko yana cikin wannan jimlar kanta, domin mutum biyu za su karanta ta su fahimci abu biyu. Idan an yi cinikin miliyan 30 a shekarar, mai gini zai iya cewa kashi 5 na miliyan 30 shi ne miliyan ɗaya da rabi, a ɗora a kan tsayayyar haya, jimla 2,700,000. Tsarin da aka fi sani kuwa ba haka yake ba. Ana sa haddi ne, kaso ba ya fara aiki sai ciniki ya haura shi. Hanyar fitar da haddin ita ce a raba tsayayyar haya da kason: 1,200,000 a raba da kashi 5 cikin 100, ya ba da miliyan 24. Dalilin shi ne kashi 5 na miliyan 24 daidai yake da hayar da ɗan haya ya riga ya biya, don haka ba za a sake karɓar kaso a kanta ba. Abin da ya haura, wato miliyan 6, shi ake cire wa kashi 5, ya zama 300,000. Hayar shekara ta tashi miliyan ɗaya da rabi ke nan. Tazarar da ke tsakanin fahimtar biyu ta kai 1,200,000, kuɗin shekara guda cur. Gyaran ba shi da wuya: a rubuta haddin da alƙalami a cikin takardar yarjejeniya, a kuma sa misalin lissafi ɗaya a ƙasansa, kowa ya sa hannu a kai.

Daga nan sai tambayar ko haddin na wata ne ko na shekara. Mutane suna ganin duk ɗaya ne, miliyan 24 a shekara ai miliyan 2 ne a wata. Ba ɗaya ba ne, musamman ga shagon da cinikinsa ke hawa da sauka. A ce wata shida da ɗalibai suke gari ana cinikin miliyan uku da rabi kowane wata, sauran shidan kuma miliyan ɗaya da rabi. Jimla dai miliyan 30 ɗin nan ce. Amma idan wata-wata ake lissafi, a watannin ciniki an haura haddi da miliyan ɗaya da rabi sau shida, miliyan 9 ke nan, kason ya zama 450,000 maimakon 300,000. Watannin da kasuwa ta kwanta ba su rage wa ɗan haya komai ba. Mai sayar da atamfa da shadda a Sabon Gari, wanda rabin cinikinsa yake zuwa daga azumi zuwa babbar salla, shi ma wannan ramin yana gabansa. Idan mai gini yana son ya riƙa ganin kuɗi a kai a kai, ba laifi a biya duk wata uku, amma a rubuta cewa a ƙarshen shekara za a daidaita da haddin shekara, rarar da aka biya a mayar ko a ɗora ta a kan hayar gaba.

Yanzu ga babbar maganar, me ake ƙirgawa. Ba duk kuɗin da ya shiga aljihun teburin shago ba ne ciniki. Shaguna da yawa yau suna haɗawa da sana'ar POS. Ɗalibi ya zo ya ciri naira 10,000, aka caje shi 200. A takardar banki za a ga 10,200 sun shigo, amma abin da shagon ya samu 200 ne, kafin kamfanin na'urar ya cire nasa. Idan aka ƙirga duka a matsayin ciniki, kashi 5 ɗinsa ya haura 500, wato ɗan haya yana biyan fiye da ninki biyu na abin da ya samu. Katin waya da data ma haka suke, ribar ƙalilan ce a kan kuɗi mai yawa. Irin waɗannan ko dai a fitar da su gaba ɗaya, ko a ƙirga ladan kawai. Harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, shi ma kuɗin gwamnati ne da ɗan kasuwa ya karɓa amana, bai kamata a yi masa kaso ba. Kayan da aka dawo da su aka mayar wa mai saye kuɗinsa sai a cire su.

Bashi kuma fa? Ba shagon da ba shi da littafinsa, musamman wanda ke hulɗa da ma'aikata masu jiran albashi. Dole a faɗi ko ranar da kaya suka fita ake ƙirgawa ko ranar da kuɗi suka shigo. Masu gini sun fi son ta farko, kuma ni ban ga laifinsu ba, tunda ba su suka ce a ba da bashin ba. Sai dai adalci ne a yarda cewa bashin da ya tabbata ya mutu a cire shi a ƙarshen shekara, idan daga baya aka biya a mayar da shi cikin lissafi.

Ta ɓangaren mai gini ma akwai ƙofar da yake mantawa a buɗe. Wata ta shigo shagon ta ga kaya, ta koma gida ta aiko da saƙo ta WhatsApp, aka ɗauko mata daga sito a Tudun Wada aka kai da ɗan acaba. Cinikin shagon ne ko ba nasa ba? Idan takarda ba ta ce komai ba, ɗan haya mai wayo zai mayar da shagon wurin nuna kaya kawai, a riƙa rubuta rasit a wani wuri. Abin da ake rubutawa shi ne duk odar da aka karɓa a shagon, ko aka cika ta da kayan shagon, ta shiga lissafi ko ta wace hanya aka biya.

Idan an gama da ma'anar ciniki, saura tabbatarwa. Kuskuren da na fi gani shi ne dogaro da shaida ɗaya. Takardar banki kaɗai ba ta isa ba, domin tsabar kuɗi ba sa bi ta can sai an ga dama. Littafin shago kaɗai bai isa ba, domin hannu ne ya rubuta. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, wannan ya sauƙaƙa bin sawu, amma ya zo da tasa matsalar: yaron shago ya ba da lambar asusunsa, ko maigidan ya ajiye na'urar POS ta biyu a ƙarƙashin kanta. Saboda haka tun farko a rubuta lambar asusun da za a riƙa karɓar kuɗin shago da lambar kowace na'ura, a kuma manna lambar asusun inda mai saye zai gani. Rasit ya kasance mai lamba a jere, wanda aka soke a bar shi a littafi kar a yage. Shagon da yake da na'urar lissafi ya riƙa fitar da rahoton rufe ciniki na kullum, wanda ake kira Z report, domin shi ma lambobinsa a jere suke, ranar da ta ɓata za a gani.

Shaida ta uku ita ce kayan kansu, kuma ita ta fi wuyar murɗawa. A koma shagonmu na Samaru. A farkon shekara akwai kayan miliyan 4 a kanta da sito. A cikin shekarar an saro na miliyan 26, ga rasitan dila. A ƙarshe aka ƙirga, saura na miliyan huɗu da rabi. Kayan da suka fita ke nan na miliyan 25 da rabi ne a farashin sari. Idan a kowace naira 100 ta ciniki ribar shagon 15 ce, cinikin da ya kamata a gani miliyan 30 ne. To idan ɗan haya ya kawo takarda ya ce miliyan 24 ya yi, daidai bakin haddi, yana cewa ne ya sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro su har tsawon shekara. Wannan lissafin ba ya ba da adadi daidai wa daida, domin akwai kayan da suka lalace, da na sata, da ragin da ake wa abokan ciniki. Amma giɓin miliyan 6 ya fi ƙarfin ɓera da madarar da ta wuce wa'adi.

Wa zai yi wannan binciken? Bai kamata Alhaji mai gini ya turo ɗansa ya zauna a bakin shago yana ƙirga masu shiga ba, wannan cin fuska ne kuma ba ya tabbatar da komai. A rubuta cewa ɗan haya zai kawo taƙaitaccen lissafi duk wata, da na shekara wanda akanta mai rajista da ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN ya sa wa hannu. Mai gini yana da damar turo nasa akantan sau ɗaya a shekara, bayan ya ba da sanarwar kwanaki. Kuɗin binciken a kansa yake, sai fa in an gano an rage ciniki fiye da wani geji da aka amince, misali kashi 3 cikin 100, a nan ɗan haya ya biya giɓin ya kuma biya akantan. Wannan sharaɗin yana hana mai gini bincike don neman fitina, yana kuma hana ɗan haya ɓoyo. A ƙara da cewa abin da aka gani sirri ne. Mai ginin da ya san cinikinka ya san ƙarfinka ranar sabunta haya, balle in ƙaninsa yana sayar da irin kayanka a shago na gaba.

Kar a manta da tashin farashi. Idan kuɗin kaya ya ninka, ciniki a naira zai ninka ko da yawan katan ɗin da ake sayarwa bai ƙaru ba, haddi kuma yana nan a miliyan 24. Duk lokacin da aka ƙara tsayayyar haya a sake fitar da haddin da ita. Wanda kuma yake da damuwa ta fuskar shari'a, tunda malaman fiƙihu suna sharɗanta a san kuɗin ijara tun farko kuma sun yi saɓani a kan wanda aka rataya shi ga abin da za a samu, ya kai wa malaminsa takardar tun kafin ya kai wa lauya ya buga hatimi.