Yadda ake rubuta takardar sulhu idan aure ya mutu: kaya, riƙon yara da ciyarwa

Maganar da ta fi jefa zawarawa da 'ya'yansu cikin wahala ita ce wadda miji kan faɗa a gaban manya ranar rabuwa: "Zan riƙa yin abin da ya sawwaƙa." Kowa ya sa albarka a watse. Bayan wata uku abin da ya sawwaƙa ya koma dubu biyar jefi-jefi, kuma babu takardar da za a kai gaban alƙali. Wannan bayani na ma'auratan da aka ɗaura wa aure bisa Musulunci ne a Arewacin Najeriya, inda kotunan shari'a ke hukunci da mazhabar Malikiyya. Masu auren rajista kuwa dokar Matrimonial Causes Act ta 1970 ce ke kansu, kuma Babbar Kotu ce ke raba su.

Mataki na farko shi ne a tantance irin sakin da ranar da ya auku, a rubuta su a saman takarda, domin ciyarwar idda a kansu ta rataya. Idan saki ɗaya ne ko biyu, wanda akwai kome, ci da sha da wurin kwananta duk suna wuyan miji har ta gama idda, wato tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta jinin al'ada. Idan saki uku ne ko kul'i, muhalli kawai take da shi, sai fa in tana da ciki, to zai ciyar da ita har ta haihu. Sai kowane ɓangare ya zo da babba ɗaya mai hankali, waliyyinta ko kawunta, wansa ko baffansa. A zauna a gidan da babu mai jin an fi ƙarfinsa, ko wurin malamin unguwa, ko ofishin Hisba a jihohin da take aiki. Ita ma matar a ji ta bakinta, kada a yanke komai tana ɗaki.

Na biyu, kaya. A shari'a aure ba ya haɗe dukiya, abin kowa nasa ne. Sadaki nata ne, in da ragowar da ba a biya ba bashi ne, a rubuta adadinsa da ranar biya. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, gado da katifa da kujeru da kwanuka, da ita za su tafi. Inda aka yi jayayya kan wani abu a gida babu shaida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a bar wa mace ta rantse, abin da aka san na maza ne ko na kowa da kowa a bar wa miji ya rantse. Wannan ya sa firji da talabijin da janareta kan suɓuce wa macen da ta saya da kuɗinta amma ba ta ajiye rasit ba. Don haka a zagaya ɗaki-ɗaki da biro, a rubuta kowane abu da sunan mai shi.

Rigima mafi zafi tana kan fili ko gini. A ce tela ce ta kwashi adashe naira dubu ɗari huɗu ta ba mijinta, ya ƙara dubu ɗari takwas nasa ya sayi fili na miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, takarda kuma da sunansa. Tambayar da za a warware ita ce: rance ta ba shi, kyauta ce, ko tarayya suka yi? In rance ne, dubu ɗari huɗunta za a mayar mata. In tarayya ce, sulusin filin nata ne, kuma da kuɗin da filin ya kai yau za a lissafa. Uwar adashe, dillalin da ya sayar da filin da shaidar tura kuɗi ta banki su ne za su raba gardama. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta unguwar da filin yake, girmansa, maƙwabtansa ta kusurwa huɗu, da wanda zai riƙe takardarsa kafin a gama biya.

Na uku, yara. Mutane da yawa sun ɗauka da an yaye yaro sai uba ya karɓe abinsa. Al'ada ce wannan. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, renon yakan koma hannun mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Uba kuma yana nan a matsayin waliyyi, da bakinsa a karatu da tarbiyya da aurarwa. A rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa da inda zai zauna, sannan a fayyace ziyara: misali daga yammacin Juma'a zuwa la'asar ɗin Lahadi duk bayan mako biyu, ƙaramar Sallah a nan, babba a can, wa zai zo ɗauka, wa zai mayar. A kuma faɗi tun yanzu inda yaran za su koma ranar da uwar ta yi wani aure, domin a nan ne sulhu da yawa ke wargajewa.

Na huɗu, ciyarwa, kuma a nan nake roƙon a daɗe ana lissafi. Ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne gwargwadon ƙarfinsa, ko da suna hannun uwarsu. Mu ɗauki ma'aikaci mai albashin dubu ɗari da hamsin da yara uku, ƙaramin yana goye. Maimakon dunƙulallen kuɗi, a rarraba: dubu arba'in duk wata kafin biyar ga wata, a asusun uwar, kwano goma na masara da kwano biyar na shinkafa duk wata, kuɗin boko kowane zango ya biya kai tsaye a makaranta ya aiko da rasit, kuɗin Islamiyya, ɗinkin Sallah biyu, asibiti kuma ta kai yaro ta sanar da shi, ya biya cikin mako guda. Hikimar sa hatsi a ciki ita ce tsadar kaya tana cinye naira, amma kwano yana nan kwano. A ƙara sharaɗin sake zama duk shekara a duba adadin. Ladan shayarwa ma haƙƙinta ne idan igiyar ta yanke, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, a sa masa adadi har zuwa yaye. Mai neman kul'i kuma ta yi hattara, kada zafin rai ya sa ta ce ta ɗauke wa uba ciyar da yara don dai ta samu takardarta, domin sharaɗin zai iya hawa kanta.

Na ƙarshe, a rubuta da harshen da su biyun ke karantawa, a karanta a bayyane, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kowane shafi, tare da shaidu biyu maza adilai, kowa ya riƙe kwafi. Sannan a kai kotun shari'a ta yankin, a nemi alƙali ya tambayi kowannensu ko ya yarda ba tilas, ya shigar da sulhun a matsayin hukunci. Takardar da ta tsaya a aljihun mai unguwa hujja ce, amma in uba ya daina biya sai an buɗe sabuwar ƙara. Wadda kotu ta mayar hukunci kuwa, uwa za ta koma da kwafinta da bayanan asusunta na watannin da ba a biya ba, ta nemi a zartar.