Yadda ake tsayar da moton DC daidai inda ake so

A Samaru, ɗalibi da yawa mai aikin kammala karatu yakan sayo moton DC na hannu a Sabon Gari, babu takardar bayaninsa, ya haɗa da Arduino, ya yi ta ƙara `Kp`, wato lambar da ake ninka tazarar da ta rage da ita don a sami wutar da za a ba moton, yana ragewa da ka. Moton ya zarce inda aka nufa, ya dawo, ya sake zarcewa. Awo uku da ɗan lissafi sun isa su ba ka `Kp` ɗin da ya dace.

Fara da abin da ke faruwa cikin amaca, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin moton. Wutar da ka bayar tana rabuwa: wani kaso ya tafi a turjiyar waya, wani a nadin, sauran ya yi karo da wutar da moton ke haifarwa da kansa idan yana juyi. A ɓangaren sanda kuwa, ƙarfin juyin da karan, wato `i`, ya haifar shi ke tura nauyin juyi, wato `J`. A lissafin ƙasa, `R` turjiya ce, `L` na nadin ne, `w` gudun juyi, `b` gogayya, `Ke` da `Kt` kuma lambobin moton ne.

```
V = R*i + L*di/dt + Ke*w
J*dw/dt = Kt*i - b*w
```

A ƙananan motoci `L/R` ba ya kai ko kusa da lokacin da sanda ke ɗauka kafin ta yi gudu, don haka ana ajiye `L`. Abin da ya rage shi ne `theta/V = K/(s(T*s + 1))`, inda `theta` ke nufin kusurwar da sanda ta juya, `K` da `T` kuma lambobi biyu ne da awo zai ba mu.

Yanzu awo. Riƙe sanda gam, ka ba ta bolt 1, ka karanta karan. A ce amfiya 0.5 ne, to `R = 2` om. Kada ka dogara da ɗora mita kai tsaye a kan wayoyin, domin burushi na sa karatun ya yi ta tsalle. Sai ka saki moton a bolt 12 ba kaya. Idan ya ja amfiya 0.2 yana juyin radiyan 232 a daƙiƙa, `Ke = (12 - 0.4)/232 = 0.05`, kuma a ma'aunin SI `Kt` daidai yake da shi. Gogayya a nan kaɗan ce, `R*b` kusan kashi 3 cikin 100 ne na `Kt*Ke`, saboda haka `K = 1/Ke = 20`.

Awo na uku shi aka fi ɓatawa. Ɗaura ainihin kayan da moton zai juya, giya da komai, sannan ka kunna wuta farat ɗaya, ka duba a inkoda, na'urar ƙirga juyi, lokacin da gudu ya kai kashi 63 cikin 100 na ƙarshensa. Wannan lokacin shi ne `T`. A misalinmu daƙiƙa 0.08 ne, wanda ke nufin `J = T*Kt*Ke/R = 0.0001`. Wanda ya auna moto tsirara zai sami `T` ƙarami, lissafi ya ba shi `Kp` da ya yi yawa.

Da ka rufe da'ira da `V = Kp*(r - theta)`, inda `r` ke nufin kusurwar da ake so, sai ka sami `T*s^2 + s + Kp*K = 0`. Daga nan:

```
Kp = 1/(4*z^2*K*T)
```

`z` shi ne ma'aunin lafawa. Ni nakan zaɓi 0.7, domin zarcewarsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Lissafi ya ba da `Kp = 0.32` bolt a kowane radiyan. Idan kayan ba sa son zarcewa ko kaɗan, ɗauki 1, `Kp` ya sauko zuwa 0.16.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Lokacin da moton ke ɗauka kafin ya natsu kusan `8*T` ne, a nan daƙiƙa 0.64, kuma muddin `z` na ƙasa da 1, babu ruwansa da `Kp`. Ninka `Kp` sau huɗu, `z` ya faɗi zuwa 0.35, zarcewa ta haura kashi 30, amma lokacin natsuwa yana nan inda yake. Mai son sauri sai ya rage nauyin juyi ko ya mayar da awon gudu cikin da'irar.

Wajen gwaji, ba shi umarnin ƙaramin juyi tukuna. Tazarar da ta wuce radiyan 37 za ta nemi fiye da bolt 12, kuma daga nan lissafin ya daina aiki. Idan inkoda tana bayan giya mai 50:1, ninka `Kp` da 50, ya zama 16.

In ka ga moton ya tsaya kafin ya iso, yana yin ƙara amma ba ya motsi, gogayya ce ta riƙe shi, kuma ƙurar hunturu a cikin giya tana ƙara ta. Auna ƙaramar wutar da ke tayar da shi. Idan rabin bolt ce, `0.5/16` na nufin zai iya makalewa da saura kusan digiri 2 a bayan giya. Wanke giyar ka sa mata giris, sannan ka ƙara wannan rabin bolt ɗin a kan umarni, ta ɓangaren da ake son ya juya.