Daidaita ma'auni: wa ke bukata, wa ba ruwansa

'Yan'uwa, dauki bayanan manoman Gombe: hekta 1 zuwa 10, kudin shiga naira 200,000 zuwa miliyan 5. Hanyoyin koyon na'ura irin su `KNN` da `KMeans` da `SVC` tazara tsakanin manomi da manomi suke aunawa, don haka bambancin naira 1,000 zai danne na hekta 9, kamar babu gonar ma. A nan sa `StandardScaler`, amma ka yi `fit` a kan bayanan horo kadai, kada na gwaji su leko.

Bishiyar yanke hukunci kuwa, irin wadda ke cikin `RandomForestClassifier`, tambaya daya take yi a kowane reshe: kudin ya haura 800,000 ko bai haura ba? Ko ka raba komai da miliyan, wanda ke gaba yana gaba, iyakar ce kawai ta koma 0.8. Ni ba na wahalar da kaina a kanta.