Yadda Ake Gano Litar da Motarka ke Sha a Kilomita 100

Direbobi da yawa a Maradi suna auna shan mai da allurar tanki, ita kuwa allura tana iya daɗewa a sama sannan ta faɗo lokaci guda. Hotuna a waya sun fi ta gaskiya.

Ka je gidan mai ka ce a cika tanki har kan famfon ya katse da kansa. Kada a ƙara bayan nan. Kafin ka tashi, ɗauki hoton kwantar mota, a ga lambar ODO sarai, wato jimlar kilomitar da motar ta yi, ba ta TRIP mai ƙirga tafiya ɗaya ba, don yaron mota na iya taɓa maɓalli ya mai da ta TRIP sifiri. Litar wannan cikon na farko ba ta shiga lissafi, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Man da ka sha a hanya, ciko na biyu ne ke nuna shi, tunda shi ke mai da tanki inda yake tun farko.

In ka dawo, koma famfon nan dai, ka tsai da motar yadda ka tsai da ita, a sake cikawa. Ɗauki hoton kwanta, sannan na fuskar famfo tun kafin a goge don mai bi maka. Lambobi uku ne: kuɗi, lita, da farashin lita ɗaya. Rana kan haske gilashin, sai ka kare shi da hannu. In layin lita bai fito ba, raba kuɗin da farashin lita.

A ce ka je Damagaram ka dawo. Hoton farko ya nuna 148320, na biyu 148795, wato kilomita 475. A Tasawa ka ƙara lita 10, ka ɗauki hotonta, a Maradi kuma famfo ya nuna 29,90. Waƙafin nan gutsuren lita yake nufi, jimla dai lita 39,9.

```
39,9 ÷ 475 × 100 = 8,4
```

Motar na shan lita 8,4 a kowace kilomita 100.

Da ka manta man Tasawa, da lissafin ya ba ka 6,3, ka yi ta murnar banza. Shi ya sa a ranar awo nake guje wa man kwalba na bakin titi: ba hoton famfo, kwalbar ma ba lallai ta cika lita ba.

Duba hoton kwantar da kyau idan motar 'yar Amurka ce. In ka ga "mi" kusa da lambar, mil take ƙirgawa, sai ka ninka tazarar da 1,609 kafin ka raba.

Awo ɗaya ba ya isa, musamman a gajeren zirga-zirga tsakanin Babbar Kasuwa da Tibiri, inda rabin lita ke karkatar da sakamako. Yi sau uku. In lambar ta yi ta hawa alhali kaya da hanya ba su canza ba, fara duba iskar taya da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa.