Kafin ka tura labari, ka duba adireshinsa

Jama'a, assalamu alaikum. Shekaranjiya ƙanena ya turo mini hoton wani labari mai tambarin BBC Hausa, wai za a raba tallafin taki a Daura, a latsa a cike suna da lambar asusun banki. Tambarin ya yi kyau, amma shi tambari kowa na iya kwafarsa ya manna.

Abin da na fara dubawa shi ne adireshin da ke saman shafin. Na BBC Hausa shi ne `bbc.com/hausa`, na Aminiya `aminiya.ng`, na Muryar Amurka `voahausa.com`. Wannan kuwa wani dogon suna ne da aka cusa "bbc" a tsakiyarsa. Tun daga nan jikina ya ba ni.

Sai na buɗe shafin BBC Hausa na gaskiya da hannuna, na nemi labarin, babu shi. Na leƙa DW Hausa, nan ma shiru. Rabon taki a Daura ai ba zai wuce su duka ba. Sannan babu kwanan wata, babu sunan wakili, ba a ce wane jami'i ya faɗa ba.

Don Allah, kafar labarai ba ta tambayar lambar asusunka. Ka ga an tambaya, rufe shafin, kuma kada ka tura wa dangi.