Kurakuran da ke mayar da darasin muhawara taron hadda, da yadda ake gyara su

Ranar da na fara shirya muhawara a ajina a nan Gusau, aji biyu na babbar sakandare, yara shida suka fito suka yi jawabi mai daɗin ji, aka yi tafi. Sai da na koma ɗakin malamai na gane cewa babu ko ɗaya da ya taɓa maganar da abokin karawarsa ya faɗa. Kowa haddarsa ya kawo ya juye. Laifin kuwa nawa ne, domin katunan da na raba da lokacin da na yanka da takardar maki, babu wanda ya nemi yaro ya saurari wani.

Tun daga maudu'i matsalar take farawa. Na rubuta a allo "Makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo", wanda taken insha'i ne kawai, babu abin da za a yarda da shi ko a musa. Yanzu haka nake rubutawa: "Makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo amfani ga ɗalibin babbar sakandare." Da wannan kowane ɓangare ya san abin da zai kare, kuma an rufe ƙofar kawo zancen 'yan firamare. A jiharmu, tun da aka sace ɗalibai mata a makarantar kwana ta Jangebe a 2021, batun tsaro sai ya shigo wannan muhawarar. Ba na hana shi, hujja ce ta gaske, amma ina gargaɗi kafin a fara cewa kada a ambaci sunan kowa, domin a cikin aji akwai wanda abin ya taɓa gidansu.

Sai katunan aiki. Yawancinmu muna yanka kwali mu rubuta "mai magana na ɗaya", "mai magana na biyu", mu miƙa. Wannan ya faɗa wa yaro lokacin da zai tashi, bai faɗa masa abin da zai yi ba, shi ya sa na biyu yake maimaita na ɗaya da wasu kalmomi. Kati ya ɗauki aikin a fili. Na farko ya fayyace maudu'i ya kawo hujja biyu. Na biyu ya fara da amsa hujja ɗaya ta abokan karawa kafin ya kawo tasa sabuwa. A katin na uku nakan rubuta da jan biro: "Ba ka da izinin sabuwar hujja. Faɗi abin da suka ce, faɗi dalilin da ya sa bai tsaya ba." Shi na ukun nan ba shi da abin haddacewa a gida, dole ya zauna da takarda yana rubuta abin da ake faɗa.

Kada a manta da sauran ajin. In yara sittin ne, shida suna magana, uku alƙalai, ɗaya shugaban zama, ɗaya mai kula da lokaci, saura arba'in da tara ke nan zaune, kuma su ne za su fara surutu. Ina ba kowane benci kati guda: su rubuta hujjar da ta fi ƙarfi a kowane ɓangare, da tambaya ɗaya.

A wajen lokaci, kuskuren da na fi gani shi ne a ba kowa minti biyar. Shida sau biyar talatin, darasi kuma minti 40 ne, ga jan benci ga gaisuwa, sai ƙararrawa ta kaɗa ba a yanke hukunci ba. Ga yadda nake rabawa yanzu. Minti 5 na shiri da raba katuna. Masu magana na farko da na biyu, su huɗu, minti 3 kowa, 12 ke nan. Sai minti 2 kowane ɓangare ya haɗa kai ya shirya raddi, sannan na uku su yi minti 2 kowa. Tambayoyin aji minti 6, alƙalai su haɗa maki a minti 4, hukunci da gyaran malami minti 5. Duka 38, sauran biyun tashi da zama za su cinye.

Waɗannan minti biyun na haɗa kai su ake fara yankewa in lokaci ya ƙure, alhali a nan ake koyon muhawarar. Gara a rage tambayoyin aji.

Gaisuwa ma tana cin lokaci. "Mai girma shugaban zama, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokan karawata, 'yan uwana ɗalibai..." Na taɓa auna wata, daƙiƙa arba'in ta ci. Ladabi ne, ba na so a bar shi, amma mai magana na farko a kowane ɓangare ya wadatar, sauran su yi sallama su shiga magana. Mai kula da lokaci kuma ya ɗaga kati in saura daƙiƙa 30, ya buga tebur in lokaci ya cika, a bar yaro ya ƙarasa jimlar da ke bakinsa kawai. In ka yi wa ɗaya sassauci don maganarsa ta yi daɗi, ɗaya ɓangaren ba zai yarda da hukuncin ba, kuma da gaskiyarsu.

Takardar maki ita ce ta fi ɓata min rai, domin yara abin da ake ba maki suke koya. Wadda na gada tana da gurbin tsaftar kaya, da ƙarfin murya, da iya harshe, da ƙarfin hali, babu gurbin raddi ko ɗaya. Tawa yanzu maki 20 ce ga kowane ɓangare gaba ɗayansa: hujja 8, raddi 6, tsarin magana 3, isar da saƙo 3. A ƙarƙashin kowane gurbi akwai bayanin abin da ake nema. A raddi, misali, 0 zuwa 2 in ba a taɓa maganar abokan karawa ba ko an ce "ƙarya ne" kawai, 3 zuwa 4 in an amsa amma dalilin bai kama ba, 5 zuwa 6 in an maimaita hujjarsu daidai sannan aka rushe ta da dalili.

A zangon da ya wuce wani yaro daga masu goyon baya ya ce ɗan kwana yana da lokacin nazarin dare, ɗan jeka-ka-dawo kuwa da ya koma gida sai aike da ɗiban ruwa. Ya faɗa da murya kamar mai shela, aji ya ɗauki tafi. Wata yarinya mai sanyin murya ta tashi ta ce, "Malam shugaban zama, ya ce ɗan kwana yana nazarin dare. To in babu wuta, babu malamin da ke zagayawa, zama ne kawai a aji. Ni kuma in na kasa lissafi, yayana nake tambaya bayan isha'i." A tsohuwar takarda da yaron ya cinye. A sabuwa, ɓangarenta ya samu 6 a raddi, nasa 2, domin na ukunsu bai dawo kan maganarta ba.

Akwai wani tarko a haɗa maki. Ranar nan alƙali na farko ya ba masu goyon baya 17, masu adawa 11. Na biyu ya ba da 14 da 15, na uku 13 da 14. In aka tara, masu goyon baya suna da 44, masu adawa 40, alhali alƙalai biyu cikin uku masu adawa suka zaɓa. Alƙali ɗaya mai sakin hannu ya rinjayi biyu. Don haka kowane alƙali ya cike takardarsa shi kaɗai, wanda ya fi maki a wurinsa ya samu ƙuri'arsa, a ƙirga ƙuri'u, kuma ba a yarda ya ba da kunnen doki ba. A ƙasan takardar akwai layi guda da dole ya cike kafin in karɓa: "Hujjar da ta sa na zaɓi wannan ɓangare ita ce..." Alƙalin da ya bar wurin babu komai nakan mayar masa da takardarsa.